Tafsirin ruwaya da tafsirin ra'ayi: tambayoyi da amsoshi ga ɗalibin da ya wuce matakin farko

Wannan bayani na ɗalibin da ya ɗan taɓa nahawu da musɗalahul hadisi ne, wanda ya fara buɗe manyan littattafan tafsiri da kansa. Lambobin ayoyi suna bin lissafin mus'hafin ruwayar Hafsu.

Mene ne tafsiri bil ma'asur, mene ne kuma tafsiri bir ra'ayi?

Tafsiri bil ma'asur, wanda muke ce wa tafsirin ruwaya, shi ne bayanin aya da abin da aka ciro: wata aya ta fassara wata, ko hadisin Annabi (SAW), ko maganar sahabi, sannan maganar tabi'i a wajen malaman da suka sa ta cikin wannan babi. Misalin da kowa ya sani shi ne aya ta 82 a suratul An'am, inda aka yi maganar waɗanda ba su cuɗa imaninsu da zalunci ba. Abin ya yi wa sahabbai nauyi, suka ce wane ne a cikinmu bai zalunci kansa ba. Sai Annabi (SAW) ya bayyana musu cewa shirka ake nufi, ya kai su ga maganar Lukmanu a aya ta 13 ta surarsa. Bukhari da Muslim sun fitar da wannan daga Ibn Mas'ud.

Tafsiri bir ra'ayi kuwa shi ne bayanin da mai tafsiri ya kai gare shi da ijtihadinsa, yana aiki da luga da nahawu da balaga da tsarin ayoyin da suka gabata da waɗanda suka biyo, da ƙa'idojin usulul fiƙhi. Malamai sun raba shi biyu: abin yabo, wanda aka gina a kan ilimi, da abin zargi, wanda aka gina a kan jahilci ko son zuciya.

To, su biyun mazhabobi ne masu gaba da juna?

A'a, kuma nan ne ɗalibai da yawa suke fara ɓata hanya. Ana raba littattafai gida biyu don sauƙin karantarwa: a sa Ɗabari (ya rasu 310 bayan hijira) da Ibn Abi Hatim (327) da Bagawi (516) da Ibn Kasir (774) da Ad-Durrul Mansur na Suyuɗi (911) a gefe guda, a sa Zamakhshari (538) da Razi (606) da Abu Hayyan (745) da Alusi (1270) a ɗaya gefen. Amma rabon yana nuna abin da ya fi yawa a littafin ne kawai. Buɗe Ɗabari a kowace aya mai saɓani, za ka ga ya jero maganganu da isnadinsu, sannan ya ce maganar da ta fi dacewa a wajensa ita ce kaza, ya kafa hujja da baitin waƙar Larabawa ko li'irabi ko zahirin lafazi. Wannan zaɓin ijtihadi ne tsantsa. Razi kuma, duk da tsawon muhawararsa, yana kawo sababin sauka da maganganun Ibn Abbas.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. Maganar da ta iso mana a matsayin ruwaya, sau da yawa ijtihadi ce a bakin wanda ya faɗe ta. Da aka tambayi Abubakar (RA) game da kalala, wato mamacin da bai bar ɗa ko uba ba, cewa ya yi zai faɗi ra'ayinsa, in ya dace daga Allah ne, in ya kuskure daga shi ne da shaiɗan. Da Umar (RA) ya tambayi manyan sahabbai game da suratun Nasr, Ibn Abbas ya ce sanarwar kusantowar ajalin Annabi (SAW) ce, kuma fahimta ce ya ciro daga surar. Yau muna karanta waɗannan a babin ma'asur. Don haka tambayar da ta fi amfani ga ɗalibi ba ita ce "wannan littafin na wane gida ne" ba. Tambayar ita ce: wannan jumlar da nake karantawa labari ce ko fahimta? In labari ce, isnadi za a nema. In fahimta ce, hujja za a nema.

Za a iya nuna wannan a aya guda, daki-daki?

Mu ɗauki aya ta 158 a suratul Baƙara. Ayar ta ce Safa da Marwa suna cikin alamomin addinin Allah, wanda ya yi hajji ko umara "babu laifi a kansa ya yi ɗawafi gare su".

Urwatu ɗan Zubairu, wanda yake cikin manyan malaman fiƙihun Madina, ya karanta lafazin ya fahimci cewa sa'ayi ba dole ba ne. Hujjarsa ta luga ce, kuma ba ta banza ba ce: a al'ada ana cewa "babu laifi" a kan abin da aka halatta, ba a kan abin da aka wajabta ba. Ya faɗa wa innarsa A'isha (RA) cewa shi bai ga laifi ga wanda ya bar sa'ayi ba. Ta ce masa: tir da abin da ka faɗa, ɗan 'yar'uwata.

Lura da yadda ta amsa, domin ta amsa da hanyoyi uku. Da farko ta bi shi ta lugar da ya zo da ita, ta ce da ma'anar haka take, da an ce "babu laifi a kansa ya ƙi yin ɗawafi gare su". Ɗauke laifi daga mai aikatawa daban, ɗauke laifi daga mai bari daban. Wannan nazarin lafazi ne, irin wanda ake kira ra'ayi. Na biyu ta kawo abin da nazari ba zai taɓa kai mutum gare shi ba: ayar ta sauka ne game da Ansar, waɗanda kafin su musulunta suke ɗaura harami don gunkin Manata da ke Mushallal, wanda ya yi haka kuwa yana ganin laifi ne ya yi sa'ayi tsakanin duwatsun biyu. Da suka musulunta suka tambaya, sai aka ɗauke musu wannan ƙuncin. Na uku ta ce Annabi (SAW) ya sunnanta sa'ayi, ba ya halatta ga kowa ya bar shi. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim.

Labarin bai tsaya nan ba. Zuhri, wanda ya ruwaito hadisin daga Urwatu, ya kai wannan magana wa Abubakar ɗan Abdurrahman, shi kuma ya ce wannan ilimi ne da bai taɓa ji ba, ya ƙara da cewa ya ji wasu ma'abota ilimi suna ba da wani sababi: wasu mutane sun ƙi sa'ayi ne don an ambaci ɗawafin Ka'aba a Alƙur'ani ba a ambaci Safa da Marwa ba. Sai ya ce yana ganin ayar ta sauka game da ɓangarorin biyu. Ga tabi'i nan ya haɗa ruwayoyi biyu da ijtihadinsa. Anas (RA) kuma ya ce sun kasance suna ɗaukar sa'ayi a matsayin al'amarin jahiliyya.

Sannan akwai wata ƙira'a da aka danganta ga wasu sahabbai wadda take da lafazin da A'isha ta ce babu shi, wato "ya ƙi yin ɗawafi". Ɗabari ya kawo ta, ya ƙi kafa hujja da ita don ta saɓa wa rubutun mus'hafin musulmi. Ruwaya ce, amma ba ta wuce awo ba.

Sakamakon duk wannan: sababin sauka ya rushe kafa hujja da ayar a kan cewa sa'ayi zaɓi ne, amma bai yanke matsayinsa ba. Malik da Shafi'i sun ce rukuni ne, hajji ba ya inganta sai da shi. Abu Hanifa ya ce wajibi ne da ake rama shi da yanka. Wannan saɓanin ya koma ga wasu dalilai a wajen ayar. Ka ga ruwaya ta gyara ra'ayi, kuma bayan ta gyara shi an ci gaba da buƙatarsa.

Idan na ga "Ibn Abbas ya ce", ba shi ke nan an gama magana ba?

Sai ka san ta wace hanya maganar ta zo. Babu sahabin da aka ruwaito tafsiri daga gare shi kamar Ibn Abbas, babu kuma wanda aka jingina wa abin da bai faɗa ba kamarsa. Hanyoyi uku sun isa su nuna maka bambancin.

Hanyar Mu'awiya ɗan Salihu daga Aliyu ɗan Abu Ɗalha daga Ibn Abbas tana cikin waɗanda aka fi dogara da su. Aliyu bai ji daga Ibn Abbas kai tsaye ba, amma malamai da yawa sun karɓe ta saboda sun ce ya ɗauko ne daga amintattun almajiransa irin su Mujahid, kuma Bukhari ya amfana da ita a bayanin kalmomi. Hanyar Dahhaku daga Ibn Abbas yankakkiya ce, domin bai haɗu da shi ba. Hanyar Muhammadu ɗan Marwan, wanda ake kira Suddi ƙarami, daga Kalbi daga Abu Salihu daga Ibn Abbas kuwa, ita ce malamai suka yi wa laƙabi da sarƙar ƙarya. Littafin Tanwirul Miƙbas da ake sayarwa da sunan tafsirin Ibn Abbas, a kan wannan hanyar ta ƙarshe aka gina mafi yawansa. Abin yana damuna ƙwarai in ga ɗalibi yana yanke hukunci da shi don kawai sunan sahabi yana bango.

An ruwaito daga Imam Ahmad cewa abubuwa uku ba su da asali: tafsiri da labaran yaƙe-yaƙen ƙarshen zamani da magazi, wato labaran yaƙe-yaƙen Annabi (SAW). Malamai sun bayyana cewa yana nufin mafi yawan abin da ke cikinsu ba shi da isnadi haɗaɗɗe ingantacce, ba wai duka ƙarya ba ne. Ka kuma sani cewa ana sassautawa a isnadin bayanin kalma, wanda luga take goyon bayansa ko da isnadin ya raunana, ana tsanantawa a abin da za a gina hukunci ko aƙida a kansa.

Maganar sahabi a tafsiri daidai take da hadisin Annabi (SAW)?

Hakim ya yi magana mai faɗi cewa tafsirin sahabin da ya halarci wahayi yana da hukuncin hadisi marfu'i. Ibnus Salah ya taƙaita wannan ga sababin sauka da makamancinsa. Abin da aka zauna a kai shi ne: idan sahabi ya ba da labarin abin da ya gani, ko ya faɗi abin da ba a iya saninsa da ijtihadi kamar al'amuran lahira, maganarsa tana ɗaukar hukuncin marfu'i, da sharaɗin kada a san shi da ɗauko labarai daga Ahlul Kitabi. Abin da ya faɗa da fahimtarsa kuwa maukufi ne. Yana da nauyi babba, domin da harshensu aka saukar da Littafin kuma a gabansu, amma wani sahabin yana iya saɓa masa.

Tabi'ai kuwa, idan suka haɗu a kan ma'ana guda, ba a tsallake ta. Idan suka saɓa, maganar ɗayansu ba hujja ba ce a kan ɗaya. Mujahid, duk da ya bijiro da mus'hafi a gaban Ibn Abbas aya bayan aya, ya ce mutanen Asabar da ke Baƙara 65 zukatansu aka shafe, ba surarsu aka mayar ta birai ba. Ɗabari ya kawo maganar da isnadi, ya mayar masa da ita don ta saɓa wa zahirin ayar.

Idan sahabbai suka saɓa, yaya zan yi?

Fara da duba ko saɓanin na gaske ne. Ibn Taimiyya (728) ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa mafi yawan saɓanin magabata a tafsiri na bambancin lafazi ne ko na ba da misali. Wani ya ce hanya madaidaiciya ita ce Alƙur'ani, wani ya ce Musulunci, abu ɗaya ne aka siffanta ta fuska biyu. A irin wannan ba a rinjayar da komai, haɗawa ake yi.

Saɓani na gaske shi ne irin na kalmar ƙuru'i a Baƙara 228, wadda ake ƙirga iddar wadda aka saka da ita. An ruwaito daga A'isha da Zaidu ɗan Sabit da Ibn Umar cewa tsarki ne, Malik da Shafi'i suka bi wannan. An ruwaito daga Umar da Aliyu da Ibn Mas'ud cewa haila ce, Abu Hanifa ya bi wannan. Luga ba ta raba gardama, domin Larabawa suna amfani da kalmar a kan duka biyun. Kuma ba za a ce duka ake nufi ba, saboda ranar ƙarewar idda tana canzawa: a magana ta farko iddar tana ƙarewa da shiga haila ta uku, a ta biyu sai haila ta uku ta ƙare. A nan wanda ya ce shi ruwaya kawai yake bi dole ya zaɓi ɗaya, zaɓin kuwa sai da nazari. Masu cewa tsarki suna kafa hujja da farkon suratuɗ Ɗalaƙ da hadisin sakin Ibn Umar, masu cewa haila suna kafa hujja da aya ta 4 a surar, inda aka sa watanni a madadin haila ga wadda ta daina ganinta. Iyakar da ba a ƙetarewa ita ce ƙirƙiro magana ta uku da za ta rushe maganganun biyu.

Ina matsayin hadisan da suka hana magana a Alƙur'ani da ra'ayi?

Biyu ne suka fi shahara. Na Ibn Abbas a Tirmizi, mai gargaɗi da mazauni a wuta, da na Jundub a Abu Dawuda da Tirmizi, mai cewa wanda ya yi magana da ra'ayinsa ya dace to ya yi kuskure. Malaman hadisi sun yi magana a isnadin duka biyun, na farko saboda Abdul A'ala As-Sa'alabi, na biyu saboda Suhailu ɗan Abu Hazm. Amma haramcin faɗa wa Allah abin da ba a sani ba tabbatacce ne a A'araf 33, ba ya jiran waɗannan. Abin da aka hana shi ne magana ba da ilimi ba. Da ijtihadi gaba ɗaya aka hana, da umarnin tadabburi a suratu Muhammad aya ta 24 bai da ma'ana, da kuma Annabi (SAW) bai roƙa wa Ibn Abbas sanin tawili ba.

Ta yaya zan gane ra'ayi abin zargi a cikin littafi?

Alamarsa mafi bayyana ita ce mai tafsiri ya zo da matsayarsa tun kafin ya zo ga ayar, sannan ya tanƙwara lafazin. Duba Ƙiyama 22 da 23, fuskoki masu haske suna kallon Ubangijinsu. Zamakhshari, saboda mazhabarsa ta Mu'utazila ba ta yarda da ganin Allah a lahira ba, ya mayar da kallon ya zama sa rai da fata. Ahlus Sunna sun amsa cewa kalmar ta zo da harafin "ila" kuma an jingina ta ga fuska, sannan hadisin Jarir a Bukhari da Muslim ya faɗa ƙarara cewa muminai za su ga Ubangijinsu kamar yadda suke ganin wata. Gwaji uku za ka yi wa kowace fassara: luga ta ɗauke ta, tsarin ayoyin ya karɓe ta, kuma ba ta ci karo da nassi ingantacce ko abin da magabata suka haɗu a kai ba.

Wannan bai sa an jefar da Kashshaf, tafsirin Zamakhshari, ba. A balaga littafi ne da na bayansa suka sha daga gare shi, Baidawi da Nasafi suna cikinsu. Ibnul Munayyir ya rubuta Al-Intisaf don bin diddigin wuraren i'itizali a cikinsa, kuma ana yawan buga su tare. Ɗalibi matsakaici kada ya karanta ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Isra'iliyyat da hadisan ƙarya a wane ɓangare suka fi yawa?

Isra'iliyyat cutar littattafan ruwaya ce tun asali, labarai ne da aka ɗauko daga Ahlul Kitabi, yawancinsu ta hanyar Ka'abul Ahbar da Wahbu ɗan Munabbih. Kashi uku ne: abin da shari'armu ta gaskata, abin da ta ƙaryata, da abin da ta yi shiru a kansa, wanda ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi, kamar launin karen As'habul Kahfi. Ibn Kasir yana yawan faɗakarwa a kansu, Ad-Durrul Mansur kuwa tarawa yake yi ya ambaci wanda ya fitar, ba ya yawan yin hukunci.

Amma littattafan ra'ayi ba su tsira ba, sau da yawa ma sun fi haɗari a hadisi, domin suna kawo shi ba isnadi. Dogon hadisin falalar surori ɗaya bayan ɗaya da aka jingina wa Ubayyu ɗan Ka'ab ƙirƙirarre ne. Sa'alabi da Wahidi sun kawo shi, Zamakhshari da Baidawi ma sun yayyanka shi a ƙarshen surori. Wanda ya kawo da isnadi ya ba ka abin da za ka bincika, wanda ya ce "Annabi ya ce" kai tsaye bai bar maka komai ba.

Da wane tsari zan bi aya idan ina nazari da kaina?

Karanta ayar da abin da ya kewaye ta, ka rubuta abin da ka fahimta da fensir kafin ka buɗe komai. Sannan ka je Ibn Kasir don ayoyi masu kama da ita da hadisai, ka ware marfu'i daga maukufi. Daga nan ka buɗe Ɗabari, ka ƙirga maganganu nawa ne a haƙiƙa, domin shafuka biyar na isnadi sukan koma magana biyu ko uku. A gefen kowace magana ka sa alama, labari ce ko fahimta. Ta labari ka duba hanyarta, ta fahimta ka nemi hujjarta. Bayan wannan ne za ka shiga Abu Hayyan don li'irabi, ko Ƙurɗubi (671) idan ayar ta hukunci ce. A ƙarshe ka koma ga abin da ka rubuta da farko. Idan ya yi daidai da ɗaya daga maganganun magabata, ka duba ko hujjarka irin tasu ce. Idan babu wanda ya faɗe shi a cikin duk waɗannan littattafan, kada ka karantar da shi, ka kai wa malaminka ya duba maka nahawun da tsarin ayar tukuna.